Shafi Talatin da Ɗaya a Kan Mushe Huseini

Ni Adawiyya, shekara goma sha ɗaya na yi ina buga keken rubutu a wata 'yar rumfa bayan babbar kasuwar Sokode, kuma ba yabon kai ba, a duk garin babu mai saurin hannuna. Takardar neman aiki, ƙarar fili, wasiƙar tuba ga suruki, duk ta ƙarƙashin yatsuna suke bi. Mutane sun ɗauka mai buga rubutu ba ta karanta abin da take bugawa, kamar yadda jaki ba ya sanin abin da ke cikin mangala. Na bar su da tunaninsu, don ta haka na san asirin rabin garin.

A shekarar 1993, bayan ƙaramar salla, yajin aikin gama-gari ya shiga wata na biyar. Ofisoshi a rufe, jami'a a rufe, kowa ya zama ɗan siyasa, har mai sayar da goro sai ya yi maka bayanin dimokuraɗiyya kafin ya miƙo maka goronka. A lokacin ne ƙanena Taufiƙ ya dawo daga Lome da jaka ɗaya da tabarau. Falsafa yake karanta a jami'a. Ni na goya shi, ni na wanke masa hanci, amma da ya dawo samarin unguwarmu ta Didawure suka laƙaba masa Farfesa, shi kuma bai ce a'a ba. Gaskiya yaron yana da kai, in ya buɗe baki har tsofaffi sukan gyara zama. Ina alfahari da shi, sai dai ban taɓa gaya masa ba, kada kansa ya ƙara girma.

Akwai wata ƙungiya ta iyaye da 'yan kasuwar Zango da ke riƙe da makarantun Faransanci da Larabci guda uku a arewa, shugabanninta kuma a Sokode suke. Ɗaya daga makarantun tana Dapango. A can ne wata safiya wasu masu kaki suka zo cikin mota mara lamba, da takarda a hannu, suka kira sunan malamai huɗu masu goyon bayan yajin aiki, suka tafi da su. Bayan kwana tara aka sako su. Ɗayansu, Awal, abokin Taufiƙ ne tun suna firamare, ya fito da hannun dama a karye. Nan take magana ta cika Zangon Dapango cewa direktan makarantar, Mushe Huseini (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci), shi ya ba da sunayen.

A wancan zamanin in aka ce kai ne mai kai rahoto, ba aikinka kaɗai ka rasa ba. An ƙone gidaje a kan abin da bai kai haka ba. Shi ya sa shugaban ƙungiyar, Alhaji Salifu, ya ce ba za a yi aiki da ji-ta-ji-ta ba, sai an yi bincike a rubuce. Aka tura Farfesa. Ya yi mako biyu a Dapango, ya dawo ya kulle kansa a ɗaki mako guda, sannan ya zo rumfata ya ajiye mini tulin takardu kamar mai ajiye jariri.

"Yaya, kofi arba'in nake so. Ranar Asabar zan karanta shi a gaban iyaye a Dapango. Ki kula, ko waƙafi kada ki taɓa."

"Ni zan taɓa waƙafin Farfesa? Wace ni!"

A kan sitansil ake buga irin wannan aikin, wato wata takarda mai kakin zuma da ake ɗaura wa injin juyawa ya fitar da kofi da yawa. Kuskure a kanta wahala ne, saboda haka dole ka bi kowace kalma a natse. Na fara. Wallahi rubutu ne mai daɗi. Ya kawo tarihin makarantar, ya kawo haƙƙin malami a kan al'umma, ya jawo maganganun malaman falsafa da na malaman fiƙihu ya jera su kamar tasoshin amarya. Da na zo inda ya kwatanta hannun Awal sai da na tsaya na share ido. Ina bugawa ina cewa a raina, Huseini, Allah ya isa.

Sai ranar Laraba da hantsi, ina shafin ƙarshe, na talatin da ɗaya, yatsuna suka tsaya da kansu. Duk mai buga rubutu ya san wannan. Hannu yakan tuna jimlar da ya taɓa bugawa ko da kai ya manta. Na ɗauka na maimaita shafi ne, na ɓata sitansil a banza, har na fara tsaki. Na bi waɗanda na rataye ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su ga haske. Ban maimaita ba. Abin da hannuna ya tuna yana can baya, a shafi na tara.

Na zauna na sake karantawa, wannan karon ba da idon yaya ba. Ga yadda ginin yake. A shafi na huɗu Taufiƙ ya kafa ƙa'ida: a lokacin fitina ba a karɓar shaidar wanda yake tare da maci amana. Wannan kowa zai gyaɗa kai. A shafi na tara ya tace shaidunsa, su biyar. Uku ya karɓa, saboda a cewarsa sun nisanta kansu daga gidan da cutar ta fito, sun daina ko gaisawa da direkta. Biyu ya zubar, wata malama Salamata da maigadin makarantar Bukari, saboda har yanzu suna shiga wancan gidan. Daga nan sai shafi ashirin da ɗaya na tarihi da hikima da hawaye, isassu su mantar da kai inda ka taso. Sannan a shafi na talatin da ɗaya ya ce, tunda duk shaidun da suka cancanta bakinsu ya zo ɗaya, ya tabbata daga gidan direkta cutar ta fito.

To ai tun a shafi na tara aka gama yanke masa hukunci, a tsakiyar wata jimla, ba tare da an ɗaga murya ba. Da me aka gane shaidar kirki? Da ƙin Huseini. Da me aka gane laifin Huseini? Da shaidun kirki. Su ukun ma da na duba, babu wanda ya ce ya ga takardar a hannunsa. Sun ga mota, sun ji an kira sunaye, sauran duk "mun tabbata" ne. Har musun da Huseini ya yi, a shafi na ashirin da bakwai an lissafa shi cikin hujjoji, wai maci amana ba ya taɓa amsa laifi.

Ba na ce mutumin bai aikata ba, ban san shi ba, ko fuskarsa ban taɓa gani ba. Amma na san takardar nan ba ta gano komai ba, abin da ta shigo da shi ta fita da shi.

Da yamma Taufiƙ ya zo karɓar aiki, na ce ya zauna.

"Taufiƙ, Salamatar nan me ta ce maka?"

"Ban rubuta ba, Yaya. Ba ta cika sharaɗi ba."

"Wane sharaɗi?"

"Tana tare da shi."

"In kuma ba shi ba ne fa? Ai ka ga ba ta tare da maci amana ke nan, maƙwabcinta kawai take gaisarwa."

Ya yi murmushin nan nasa na 'yan jami'a, wanda in na gani nake jin kamar in kwaɗa masa murfin keke.

"Ai an tabbatar shi ne. Ki karanta ƙarshen."

"Ƙarshen da shafi na tara ya dogara. Shafi na tara kuma da ƙarshen ya dogara. Ka ɗebo ruwa a randa ka mayar randa, ka ce ka je rijiya."

Sai ransa ya ɓaci. Ya ce shekara uku yana karanta ilimin hujja, ba a rumfar bayan kasuwa za a koya masa ba. Ya ce ni ban ga hannun Awal ba, shi ya gani. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, duk Zango ba za su taru a kan ƙarya ba. Ya ƙare da cewa aikina bugawa ne, in buga.

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Da wani ne da sitansil ɗinsa sun kwana a kwata. Amma na san ƙanena. Ba mugu ba ne, baƙin cikin abokinsa ne ya riga shi zama a kujera kafin ya ɗauki alƙalami. Kuma na san in ka ja da shi da baki, sai ya ƙara shafi goma. Na juya masa kofi arba'in ɗinsa cif, ko waƙafi ban taɓa ba.

Bayan ya tafi na saka farar takarda ɗaya a keke. Na buga ƙa'idar shafi na huɗu, a ƙarƙashinta tacewar shafi na tara, a ƙarƙashinta hukuncin shafi na talatin da ɗaya, kalmominsa ne tsaf, ban ƙara ko ɗigo ba. Da aka cire shafukan da ke tsakani, layi tara ne kacal. Na juya bayan takardar na sake buga layukan nan tara, sai dai duk inda aka ce direkta na sa Taufiƙ. Na ninke ta na soke a bakin zane.

Ranar Asabar da sassafe ya tarar da ni a tasha da babban kwando.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Dapango. Ko kai za ka wuce shingayen hanya da kofi arba'in a jaka, da wannan tabarau naka? Tun kafin Bafilo za su sauke ka."

A lokacin takarda bugaggiya a hannun saurayi ta fi wuƙa haɗari, amma babu mai tona kwandon mace. Na karɓi takardun na shimfiɗa su a ƙasan kwandon, na rufe da zannuwa, na ɗora doya da daddawa a kai. Shinge bakwai muka wuce. A kowanne sai a sauke maza a laluba su, ni kuwa a leƙa kwandon, warin daddawa ya bugi mutum ya ja baya. A haka muka wuce Kara, muka hau duwatsun Defale, motar tana nishi kamar tsohuwa.

A Mango, kusa da gadar kogi, motar ta tsaya cik. Direban ya fito yana fifita da hula.

"Mota ya gaji, jama'a. Kowa shi nemi inuwa, sai ya sha ruwa."

Muka zauna gindin wata bishiyar mangwaro. Zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Na sayi ruwa na ba shi ya sha, sannan na zaro takardar na miƙa masa.

"Ba gardama na zo yi ba. Rubutunka ne. Ka duba mini ko na yi kuskuren bugu."

Ya karanta fuskar farko da sauri, ya ɗaga kafaɗa. Ya juya baya. Na ga ya tsaya. A can an rubuta cewa ba a karɓar shaidar wanda yake tare da maci amana, cewa duk mai shiga gidan Taufiƙ an zubar da shaidarsa, saura waɗanda suka daina gaishe shi, su kuma bakinsu ya zo ɗaya, saboda haka ya tabbata daga gidan Taufiƙ cutar ta fito.

"Wannan wasa ne," in ji shi. "Ni ina Lome lokacin."

"Wa zai shaida?"

"Abokan ɗakina. Ke ma kin sani."

"Mu ai muna shiga gidanka. An zubar da mu tun a layi na huɗu."

Ya sake juya takardar, ya sake juyowa. Na ce masa injin niƙa ne ya ƙera, duk wanda aka zuba garinsa za a kwasa, ko Alhaji Salifu ne, ko liman. Daga nan na ja bakina na yi shiru, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ya daɗe yana kallon kogin. Can ya ce, ba ni yake gaya wa ba, "A shekarar farko aka koya mana wannan kuskuren. Ka nemi a ba ka tun farko abin da aka ce ka tabbatar. Na ci jarrabawa a kansa." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Baba ma ya karantar da mu a zaure, dauru yake ce masa. Wannan ya jingina da wancan, wancan ya jingina da wannan, babu mai ƙafa a ƙasa."

"To yanzu fa?"

Direba ya yi kira muka shiga. Har muka isa Dapango ban san abin da zai yi ba. Takardar dai na ga ya sa ta a aljihun gaba.

Bayan la'asar aka taru a filin makarantar. Mutum ya fi ɗari biyu. Dattawa a kan bencina, mata a gefe ƙarƙashin rumfar kwano, samari a tsaye jikin katanga, hannuwa a harɗe. Su ne suka fi ba ni tsoro, don ba sauraro suka zo yi ba, izini suka zo karɓa. Alhaji Salifu, wanda ya riga mu zuwa tun jiya, yana tsakiya da carbi. Awal yana layin gaba, hannunsa a rataye da ƙyalle. Can gefe a kan kujera ɗaya tilo wani siririn mutum mai furfura yana zaune, ya ɗora hularsa a gwiwa. Benci biyu na kusa da shi babu kowa a kai. Ba sai an gaya mini shi ne Mushe Huseini ba.

Alhaji Salifu ya buɗe da addu'a, ya yabi Taufiƙ har na ji kunya, ya ce ga ɗanmu da ya sha karatu, abin da ya rubuta shi ƙungiya za ta bi. Ya ce a raba takardun.

"A dakata da rabawa, Alhaji," in ji Taufiƙ.

Ya miƙe. Muryarsa ta fita sarai. Ya ce rahoton shafi talatin da ɗaya ne, amma zai karanta layi tara kawai, don su ne ƙashin bayansa. Ya zaro takardata ya karanta, yana fassarawa da Hausa. Da ya kai hukuncin sai samarin katanga suka yi guɗa irin ta maza, wani ya buga ƙofar ƙarfe. Mushe Huseini ya sunkuyar da kai.

Taufiƙ ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Wannan hukuncin da kuka ji, ba shaidu ne suka kawo ni gare shi ba. Da shi na zo daga Sokode. Da shi na zaɓi wanda zan saurara. Duk wanda ya ce direkta ne, na ce mai gaskiya ne. Duk wanda zai ce wani abu dabam, na ce ɗan gidansa ne, ban ko buɗe littafina ba. Sannan na ƙirga waɗanda na bari, na ce kun gani, duk sun yarda. Ku saurari wannan."

Ya juya takardar ya karanta ta bayan, da sunansa a ciki. Wani tsoho ya yi dariya, sai ya ga shi kaɗai ne ya haɗiye ta.

"Da wannan ma'aunin," in ji Taufiƙ, "babu mutum ɗaya a filin nan da ba zan iya kamawa ba kafin magariba. Rahoton nan bai tabbatar da komai ba. Ni na rubuta shi, ni nake janye shi."

Sai wuri ya kaure. Wani daga katanga ya ce an saye shi. Wani ya ce dama 'yan Lome haka suke, baki biyu. Alhaji Salifu ya daina jan carbi, fuskarsa ta yi kamar an aiko masa da mutuwa. Amma duk wannan bai dami Taufiƙ ba kamar lokacin da Awal ya miƙe a hankali, yana tallafe da hannunsa.

"Taufiƙ. Kwana tara na yi a ɗakin da ba taga. Ka zo gidana ka ga hannun nan, ka yi kuka. Yanzu ka gaya mini, wa ya ba da sunana?"

"Ban sani ba, Awal."

"Shafi talatin da ɗaya, ba ka sani ba?"

"Ban sani ba. A da na ce na sani, don ina son in kawo maka wani ne a hannu. In na kawo maka wanda ba shi ba, mai laifin yana nan yana shan shayi da mu, kuma an ƙara ƙonannen gida ɗaya a kan karyayyen hannunka."

Awal ya dube shi. Bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya juya ya ratsa mutane ya fita, wasu samari suka bi shi. Na ga idon ƙanena ya cika, ya ƙi bari ya zubo.

A nan ne ni kuma bakina ya ƙi zama. Daga rumfar mata na ɗaga murya na ce, "Alhaji, a gafarce ni, akwai mutum biyu da ba a ji ba. Suna nan ko sun yi tafiya?"

Wata mata gajera mai jan mayafi ta miƙe kusa da ni, ashe ita ce Salamata. Ta ce abin da ta so faɗa tun farko bai da yawa. Jerin sunayen masu yajin aiki su malaman da kansu suka rubuta, kowa ya sa hannu, kuma ya kwana uku manne a allon ɗakin malamai, inda iyaye da masu kawo littattafai da kowa ke shiga. Maigadi Bukari, wani dattijo Bamobe, ɗan ƙabilar yankin, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Takarda ya ɓace ran Talata. Direkta ya tafi Sinkase tun Litinin, biki na ɗan'uwa. Ni ban gani wanda ya cire ba. Abin da na gani ke nan."

Wani ya yi ihu cewa ai direkta zai iya aiko wani. Taufiƙ ya ce ƙwarai zai iya, shi ya sa maganar Bukari ma ba ta rufe zancen ba, amma aƙalla ita ana iya zuwa garin Sinkase, can bakin iyaka, a tambaya, ba kamar tasa ba.

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Alhaji Salifu ya miƙe, bai ko kalli inda Taufiƙ yake ba. Ya ce ƙungiya ba ta da hujjar sauke direkta, yana nan a kujerarsa har sai an samu. Ya ce duk wanda ya taɓa gidansa, da ƙungiya da limamai yake faɗa. Liman ya tashi ya maimaita da bakinsa, ya kira iyayen samarin katanga da sunayensu ɗaya ɗaya ya ɗora musu amana. Aka shafa fatiha, mutane suka watse suna gunaguni. Babu wanda ya zo ya gaisa da Farfesa. Sunan ma daga ranar ya faɗi, ban sake jin wani ya kira shi da shi ba.

Ina tattara kwandona, da kofi arba'in a ciki ko ɗaya ba a taɓa ba, sai ga Mushe Huseini ya nufo mu. Kusa da kusa ya fi tsufa. Ya ce matarsa ta ɗaure kaya tun shekaranjiya, yaran ma an kai su ƙauyen Naki wurin kakarsu, yanzu zai je ya ce a kwance. Ya kama hannun Taufiƙ da hannu biyu.

"Ɗana, ka wanke ni. Allah ya wanke ka ranar gobe."

Ni da na ce amin mu wuce. Mutumin ya sha wuya, kuma ƙanena yana bukatar ko mutum ɗaya ya gode masa a ranar. Amma Taufiƙ bai karɓa ba.

"Mushe, kada ka gode mini a kan abin da ban yi ba. Ban wanke ka ba. Rubutuna ne ya rushe, shi ke nan. Ko kai ne ko ba kai ba ne, har yanzu ban sani ba. Gobe zan je Sinkase in tambaya. In na samu abin da ya nuna kai ne, zan dawo filin nan in faɗa."

Tsohon bai saki hannun ba.

"Ka je," in ji shi. "Zan ba ka sunan unguwar. Wata biyu ke nan, kai ne na farko da ya ce zai je ya duba."

Na tsaya da kwando a ka ina kallon ƙanena. A yini ɗaya ya rasa abokinsa, ya rasa sunansa, ya ɓata da Alhaji, godiyar da ta rage masa kuma ya mayar wa mai ita. Ƙirjina ya cika har na rasa inda zan sa kaina. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe maganar nan a ciki don kada kansa ya kumbura, ranar na ga babu sauran dalili.

"Taufiƙ."

"Na'am, Yaya."

"Ni na goya ka. Duk wanda ya tambaya, ka ce masa ni na goya ka."